Kada Mu Tambayi Malami Abin Da Ba Mu Shirya Aiki Da Amsarsa Ba



Shekarun baya wasu baƙi suka zo makarantar da nake koyarwa a lokacin, ɗauke da takardun tambayoyi masu shafi shida. Suka ce suna son jin halin da malamai ke ciki. A saman shafin farko akwai wurin rubuta suna, da lambar fayil, da sunan makaranta. Shugaban makarantarmu ne ya raba, shi ne kuma aka ce a mayar wa. Na tuna na zauna a gindin darbejiya na bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ina zaɓar "na gamsu", alhali a ranar da guntun allin da na roƙo daga aji biyar na yi darasi. Abokan aikina ma haka suka yi. Bayan kamar shekara biyu, muna share ɗakin ajiya, sai ga damin takardun nan ɗaure da igiya a bayan karyayyun bencina, gara ta cinye rabinsu. Ashe ko karɓarsu ba a dawo an yi ba.

Na kawo wannan labari ne domin ina da shawarar da nake son reshenmu na Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ya duba, wato mu gudanar da namu binciken jin ra'ayin malaman firamare a Gusau da Tsafe da Bungudu. Amma shawarar tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi ta nauyi. In ba za mu yi aiki da amsoshin ba, gara kada mu fara. Malamin da aka tambaya aka manta da shi ya fi wanda ba a taɓa tambaya ba yanke ƙauna, domin shi ya riga ya gwada faɗa, ya ga inda maganarsa ta ƙare.

Abin da ake son aunawa

Na san wani zai ce: "Malam, mene ne abin bincike a nan? Kowa ya san ciwonmu albashi ne." Gaskiya ne albashi na kan gaba, kuma ba wanda zai yi musu. Sai dai ku dubi malamai biyu da ke kan mataki ɗaya, albashinsu ɗaya, ranar biyansu ɗaya. Ɗaya yana isa makaranta kafin a buga ƙararrawa, yana duba littattafan yara, yana bin sawun yaron da ya daina zuwa har gidansu. Ɗayan yana sa hannu a rajista, ya rubuta aiki a allo, ya koma inuwa yana jiran tashi. Albashi bai bayyana wannan bambanci ba. Akwai abin da ya riƙe zuciyar na farko a cikin aikin, akwai kuma abin da ya fitar da ta na biyu, kuma sau da yawa na biyun ma da can irin na farko ne. Binciken da nake magana a kai shi ne na gano me ke riƙe zuciyar malami a aikinsa, me kuma ke sakinta.

Wasu sun riga mu auna irin wannan. Kamfanin Gallup na Amurka ya yi suna da tambayoyi 12 kacal da yake yi wa ma'aikata, kuma abin lura shi ne kusan dukkansu a kan rayuwar yau da kullum ta wurin aiki suke: ko ma'aikaci ya san abin da ake bukata daga gare shi, ko yana da kayan aiki, ko an yaba masa cikin mako guda da ya wuce, ko wani ya tattauna da shi kan ci gabansa cikin wata shida. Babu tambayar albashi a cikinsu. Mu kam ba za mu iya barin albashi a waje ba, domin halinmu ba irin nasu ba ne. Darasin da za mu ɗauka daga gare su shi ne gajarta, da kuma tambayar abin da ya faru a wani ƙayyadadden lokaci.

A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Jihar Zamfara. Azuzuwa da rufin kwano da kujeru abubuwa ne masu sauƙin ƙidaya, kuma ana ƙidaya su a ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Ana ƙidaya mu ma, da takardun shaidarmu. Abin da waɗancan takardu ba su da gurbinsa shi ne ko malamin da aka ƙidaya yana neman hanyar barin aikin. In ƙungiyarmu ba ta tattara wannan ba, ban ga wanda ya fi ta cancanta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A fara daga ƙarshe

Kuskuren da ke haifar da rahoton da gara za ta ci yana faruwa ne tun ranar farko, lokacin da kwamiti ya zauna kowa yana jefa tambayar da ta zo masa. Ana tashi da tambaya hamsin, ba a san wa zai ɗauki amsar ko ɗaya daga ciki ba. Ina ba da shawarar a juya tsarin. Kafin a amince da kowace tambaya, wanda ya kawo ta ya amsa abu biyu a gaban kwamiti. In amsar ta fito da muni, teburin wa za a kai ta? Kuma me ake so ya yi? Tambayar da ba ta da tebur a soke ta, komai daɗinta a kunne.

Teburan da muke da su huɗu ne. Akwai na shugaban makaranta tare da kwamitin al'umma mai kula da makarantar, inda ake iya gyara jadawalin darussa, da rabon azuzuwa, da taron malamai, da maganar ruwan sha da banɗaki. Akwai na Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, inda maganar canjin wurin aiki da rabon kayan koyarwa da zaɓen masu zuwa bita take bi. Akwai na Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da gwamnati, inda ƙarin girma da albashi da ɗaukar sababbin malamai suke. Na huɗu shi ne namu, teburin ƙungiya. Wannan na ƙarshen shi ne gwajin gaskiyarmu. Ana cire kuɗin ƙungiya daga albashin kowane ɗayanmu duk wata, saboda haka dole takardar ta ƙunshi tambaya kamar haka: "A cikin shekarar karatun nan, wani jami'in ƙungiya ya ziyarci makarantarku?" In muka tambayi kowa muka tsallake kanmu, malamai za su gane, hukuma ma za ta gane.

Da wannan tankaɗe, tambayoyin ba za su wuce 12 ba, takarda ɗaya gaba da baya, wadda malami zai gama cikin minti goma.

Yadda ake gina tambaya

Tambaya takan lalace ta hanya uku da na fi gani. Ta farko ita ce a haɗa abu biyu a baki ɗaya: "Kana gamsuwa da albashi da yanayin aiki?" Malamar da makarantarta ke da daɗin zama amma albashinta bai kai ta tsakiyar wata ba, me za ta zaɓa? Duk abin da ta zaɓa, mai karantawa ba zai san wanne take nufi ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ta biyu ita ce a sa wa mutum amsa a baki: "Ba ka ganin an yi watsi da malaman karkara?" Kowa zai ce e, amma ranar da aka kai sakamakon gaban hukuma, da wannan tambayar kaɗai za a yi fatali da binciken duka, a ce ƙungiya ce ta rubuta amsar da take so. Ta uku ita ce tambayar da ba ta da iyaka: "Kuna samun kayan aiki?" Wane kaya, kuma yaushe?

Gyaran shi ne a tambayi abu ɗaya, wanda ya faru, a cikin lokacin da mutum zai iya tunawa. Maimakon kayan aiki, a ce: "A zangon da ya wuce, sau nawa ka shiga aji babu alli, ko ka saya da kuɗinka?" Sai a ba shi zaɓi: ko sau ɗaya, sau ɗaya zuwa biyar, fiye da sau biyar, kusan kullum. Maimakon cunkoso, a ce: "Yara nawa ne a rajistar ajin da ka fi koyarwa?" a ba shi rukuni: ƙasa da 36, daga 36 zuwa 60, daga 61 zuwa 100, sama da 100. An fara rukunin daga nan ne domin Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, don haka amsar tana fitowa da ma'auninta a hannu. Maganar ƙarin girma kuwa a raba ta biyu. Ɗaya: "Shekara nawa ke nan rabonka da takardar ƙarin girma?" Biyu: "Ƙarin girman da ka samu na ƙarshe ya bayyana a albashinka?" Duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati ya san takarda daban, kuɗi daban, kuma maganin kowanne daban.

Daga cikin 12 ɗin, a ware uku da za su zama ma'aunin zuciya, waɗanda ba za a taɓa canza ko kalma ɗaya a cikinsu ba daga shekara zuwa shekara. Ga yadda nake ganinsu. "In na samu wani aiki mai albashi daidai da wannan, zan bar koyarwa." "Zan ba ɗana ko ƙanena shawarar ya zama malamin firamare." "A yawancin ranakun mako ina fita zuwa makaranta da son raina." Kowace a ba ta amsa mai hawa biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba". Ku lura da sharaɗin da ke cikin ta farko, wato albashi daidai. Da shi ne za mu raba wanda kuɗi kaɗai ke kora da wanda aikin kansa ya fita ransa.

Tambaya ta ƙarshe a bar ta a buɗe, da layi uku: "Wane abu ɗaya ne in aka gyara a zango mai zuwa aikinka zai yi sauƙi?" Abu ɗaya aka ce. In aka ce mutum ya faɗi matsalolinsa, zai rubuto tarihin rayuwarsa, ba mai iya tattarawa.

A rubuta takardar da Hausa. Muna da malaman Arabiyya da na addini da za su fi sakewa da ita, kuma mu kanmu da Hausa muke kokawa a ɗakin malamai. Kafin a buga, a gwada ta a kan mutum goma: maza da mata, na gari da na ƙauye, sabon ɗauka da mai jiran ritaya. A zauna kusa da kowanne, ya karanta tambayar a bayyane, ya faɗi abin da ya fahimta. Duk inda mutum biyu suka fahimci abu biyu, a sake rubutawa.

Tsoron takarda

Malamin Arewa yana da dalilin ɗari-ɗari da fom. Mun saba da tantancewa, wadda a bayanta wani lokaci suna kan ɓace daga jerin albashi. Mun kuma ga abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017, lokacin da gwamnati ta ce malaman firamare sama da 21,000 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka kuma sallame su daga aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wancan mataki, ya bar tabo: takardar da aka miƙo wa malami tana iya zama sanadin tuwonsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Saboda haka alkawarin baki cewa "sirri ne" bai wadatar ba. Dole tsarin kansa ya sa gano mutum ya gagara. Babu suna, babu lambar fayil, babu lambar waya, babu sunan makaranta. Abu uku kawai za a tambaya game da mai amsawa: namiji ko mace, makarantar cikin gari ko ta karkara a wace ƙaramar hukuma, da shekarun aiki a rukuni uku masu faɗi. Ko da hakan ana iya kuskure. A makarantun karkara inda malamai mata ƙalilan ne, in aka buga cewa "malamai mata na karkarar wuri kaza masu sama da shekara 20 a aiki sun ce ba a yi musu adalci", an nuna mutum da yatsa ke nan. Doka ita ce, duk rukunin da bai kai mutum goma ba, ba za a fitar da sakamakonsa shi kaɗai ba, sai a haɗa shi da na kusa da shi. Amsoshin buɗaɗɗiyar tambaya kuma a kwafe su da hannun mutum ɗaya, a cire sunayen mutane da na wurare, domin rubutun hannunmu sananne ne ga juna.

Shugaban makaranta kada ya raba, kada ya karɓa. Ba don ana zarginsa ba, shi ma ɗan ƙungiya ne kuma zai cike tasa. Dalili shi ne wasu tambayoyin sun shafi teburinsa. Wakilin ƙungiya daga wata makarantar ya zo da kwali rufaffe mai tsaga a sama, kowa ya naɗe tasa ya jefa da hannunsa, ba a buɗe kwalin sai a ofishin reshe, a gauraya da na wasu makarantu kafin a fara karantawa.

Matasan cikinmu za su ce a tura tambayoyin ta WhatsApp a huta. Na fi son takarda. Ba kowa ke da babbar waya ba, ba kowane ƙauye ke da sabis ba, kuma ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro. Binciken waya muryar malaman cikin Gusau zai fi ɗauka. Inda kuma hanya ba ta da aminci, kada a tura kowa da kwali. A jira malaman wurin a inda suka saba shigowa, ranar kasuwa ko lokacin da suka zo cirar albashi, a ajiye musu kwali a ofishin reshe na tsawon mako biyu.

Karanta sakamako: wani misali

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, waɗanda na ƙirƙira domin bayani kawai. Mu ɗauka a wani yanki akwai malamai 400, 250 a makarantun gari, 150 a na karkara. Aka raba wa kowa. Takardu 245 suka dawo, wato kashi 61 cikin 100. A ido wannan ba laifi. Amma da aka rarraba sai aka ga 200 daga gari suke, 45 kacal daga karkara. Ke nan gari ya amsa da kashi 80, karkara da kashi 30.

Yanzu mu dubi tambayar barin aiki. A gari mutum 60 cikin 200 sun yarda za su bari, kashi 30 ke nan. A karkara mutum 27 cikin 45, kashi 60. In magatakarda ya haɗa kai tsaye, zai samu 87 cikin 245, ya rubuta cewa kusan kashi 36 na malamai ke son tafiya. Wannan adadi ya rage nauyin karkara, domin karkara ta fi kashi ɗaya cikin uku na malaman yankin, amma ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na takardun da suka dawo ba. In aka ba kowane ɓangare nauyinsa na gaskiya, kashi 30 na 250 mutum 75 ne, kashi 60 na 150 mutum 90 ne, jimla 165 cikin 400, wato kashi 41. Har yanzu da sauran taka-tsantsan. Malamai 105 na karkara da ba su amsa ba, mai yiwuwa su ne na wuraren da suka fi nisa da hatsari, waɗanda kwalin bai kai gare su ba. Rahoton gaskiya zai buga adadin gari da na karkara kowanne daban, ya faɗi mutum nawa suka amsa a kowanne, ya kuma ce a fili hoton karkara bai cika ba.

Tarko na biyu shi ne matsakaicin maki. In rabin malamai suka zaɓi hawa na ɗaya, rabi suka zaɓi na biyar, matsakaici zai ba da uku, wanda ke nufin "tsaka-tsaki", alhali babu mutum ɗaya da ke tsaka-tsaki. Mu malamai mun san wannan daga sakamakon jarrabawa: ajin da rabinsa ya ci 90 rabi ya ci 10 ba ajin masu 50 ba ne. A riƙa faɗin mutum nawa suka yarda, nawa ba su yarda ba.

Daga nan sai a yi abin da ya fi kowane amfani, wato gicciya tambayoyi. A ware takardun masu son barin aiki gefe guda, na masu son zama gefe guda, a duba a wace tambaya ce ɓangarorin biyu suka fi rabuwa. In duka biyun suna kukan albashi daidai wa daida, to albashi ciwon kowa ne, a ci gaba da fafutukarsa, amma ba shi ya raba su ba. In aka ga yawancin masu son tafiya sun haura shekara biyar a wuri ɗaya mai nisa ba canji, ko ajinsu ya haura yara 100, to an samu bakin zare. Wannan bai tabbatar da cewa shi ne sanadi ba. Ya dai nuna inda za a koma a tambayi mutane baki da baki.

Aikin ƙidayar bai fi ƙarfinmu ba. Takarda 245 sau tambaya 12 amsa 2,940 ke nan. Mutum huɗu, biyu-biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na jan layi a takardar ƙirga, sannan su yi musanya su duba na juna, za su gama cikin 'yan yammaci. Takardar bugawa kuwa, rim ɗaya mai 500 ya ishi yankin misalinmu.

Daga sakamako zuwa aiki

A nan ne yawancin bincike ke mutuwa, kuma alamomin mutuwar sanannu ne. Za ka ji an ce ana kan haɗa rahoto, wata uku ya wuce. Za ka ga rahoton ya fito da shawarwari 25, kowace ta fara da "ya kamata gwamnati". Za ka ga an yi bikin miƙa shi, an ɗauki hoto, an watse.

Maganin farko shi ne lokaci. Cikin mako huɗu da rufe kwalaye, sakamakon ya koma wurin waɗanda suka ba da shi, a shafi ɗaya, a manna a ɗakin malamai na kowace makaranta, a kuma buga a wannan jarida tamu. Malamai su fara gani kafin kowane ofis, har da amsar tambayar da ta shafi ƙungiya, ko da ba ta yi mana daɗi ba.

Magani na biyu shi ne a zaɓi abu uku tak. Ɗaya wanda za a iya gamawa cikin zango guda ba tare da kasafin kuɗi ba, ɗaya na ƙaramar hukuma, ɗaya na jiha. Kowanne a rubuta masa abu huɗu: me za a yi, wane mutum ne a cikin shugabannin reshe zai bi shi, zuwa wace rana, kuma da wace alama malami zai gane an yi. "Kwamiti" ba suna ba ne. Aikin da aka ba kowa, ba a ba kowa ba.

Mu koma ga misalinmu. A ce takardu 98 cikin 245, kashi 40, sun nuna an samu takardar ƙarin girma amma ba ta bayyana a albashi ba. A nan akwai iyakar binciken sirri da ya kamata mu fahimta: ya gaya mana girman matsalar, amma ba zai gyara albashin kowa ba, domin ba mu san su waye ba, kuma ba ofishin da zai biya mutumin da ba shi da suna. Saboda haka mataki na gaba aiki ne daban. Reshe ya sanar cewa duk wanda abin ya shafa, in yana so, ya kawo kwafin takardar ƙarin girmansa da na takardar albashinsa ta kwanan nan cikin mako uku. Sakataren reshe ya jera su, suna da mataki da ranar takarda, ya miƙa ta hannun Sakataren Ilimi da shugabannin ƙungiya na jiha, ya karɓi shaidar karɓa mai kwanan wata. Wannan jerin ba ya haɗuwa da kwalayen bincike ko kusa. Alamar nasara a bayyane take: a kowace fitowar jaridar nan a buga cewa mutum kaza aka miƙa, kaza aka gyara wa, kaza ke jira. Ko adadin bai motsa ba, a buga shi haka nan. Adadin da ke fitowa duk zango ba ya barin kowa ya manta, har da mu.

Abin da ba za a iya yi bana ba, a faɗa, a kuma faɗi dalili. Malami baligi ne, ya san ƙungiya ba ta da baitulmali. Abin da ba ya yafewa shi ne shiru.

Lokacin gudanarwa ma a zaɓe shi da lissafi. Gwamnatocin jihohi kan gabatar da kasafin kuɗi ga majalisa a ƙarshen shekara, don haka duk bukatar da ke cin kuɗi in ta zo a watan Janairu ta makara. In muka raba takardu a farkon zango na uku, kafin damina ta kankama hanyoyi su lalace, gona kuma ta ɗauke hankalin mutane, sakamako zai fito kafin dogon hutu. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, sai ta zame mana ranar da shugaban reshe zai tsaya ya karanta alkawura ukun nan, ya ce wannan an yi, wannan an kai rabi, wannan ya gagara.

Bayan shekara a sake raba takardar, da tambayoyin zuciya ukun nan kamar yadda suke. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, tana tambayar ma'aikatanta duk shekara tun 2003, tana kuma buga sakamakon kowa ya gani. Ƙarfin irin wannan yana cikin maimaitawa ne, domin adadin shekara ɗaya ba ya nuna ko ana hawa ko ana gangara. A shekara ta biyu ma, tun kafin a karanta amsa ko ɗaya, yawan takardun da suka dawo zai yanke mana hukunci. In sun ƙaru, malamai sun ga amfanin na farko. In sun ragu, sun ba mu amsa ke nan.

Roƙona ga shugabannin reshe shi ne a sa wannan magana a ajandar taro mai zuwa, kuma kafin a rubuta tambaya ko ɗaya a fara zartar da ƙudiri a rubuce: za a mayar da sakamako cikin mako huɗu, za a ɗauki abu uku da sunayen masu bin su, za a ba da bayani ranar 5 ga Oktoba. In taro ya ga ba zai iya ɗaukar wannan ba, babu laifi, a ajiye shawarar tawa har lokacin da za a iya. Alkawari kaya ne. Ga iyalanmu kuma, matan malamai da mazajen malamai, in takardar ta zo gida, ku bar mai ita ya cike da kansa, amma ku tunatar da shi ya rubuta abin da yake faɗa muku da daddare bayan an ci tuwo.

Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a cikin aikinmu da yaran da aka ba mu amana.

Daga wani malamin firamare, Damba.